Wasiƙar Harisu Mai Maganin Shanu

Duk wanda ya taɓa sayen maganin tsutsar akuya a Kankiya ya san Harisu. In bai san shi da suna ba, to ya san shi da murya, don muryar tana riga shi isa ko'ina. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin titin da ya taso daga Kano zuwa Katsina, yana warin maganin kaska da kanwar lasa, shi kuwa yana zaune a ƙofa kan benci, gajere, kakkaura, hularsa a karkace, wayarsa a tafin hannu kamar da ita aka haife shi.

Ubansa dillalin shanu ne a kara, kasuwar dabbobi. Harisu ya so ya gaje shi, sai dai dillanci yana son mutum mai iya riƙe magana a ciki, shi kuwa ko atishawa ba ya iya riƙewa. Sai ya bi wani malamin dabbobi yawon rigakafi, shekara shida yana riƙe wutsiya yana shan harbi, har ya san sunan kowace kwalba da abin da take yi. Daga nan ya buɗe shago. Yakan ce shi ba likita ba ne, kuma gaskiya ya faɗa, amma in ka ce masa Dakta sai ka ga haƙoransa talatin da biyu a waje.

Waya ce ta ɗaga shi. Makiyayi yana can bayan Fakuwa ko gefen Rimaye, saniyarsa ta ƙi kiwo, sai ya kira. Harisu ya yi tambayoyinsa: tana zawo? hancinta a bushe? tana tuƙa? Ya ƙulle magani a leda ya miƙa wa Shehu ɗan acaɓa, kafin la'asar ya isa ruga. In abin ya fi ƙarfinsa ba ya kwana-kwana, malamin dabbobi yake kira ya tura. Abin alfaharinsa a duniya guda ɗaya ne, wayarsa ba ta ƙara sau uku bai ɗauka ba. Ya taɓa ɗauka aska tana kan maƙogwaronsa, wanzamin ya rantse ba zai ƙara yi masa gyaran fuska ba.

To, sai sabis ya fara iskancinsa.

Tun bazara abin ya soma. A wayi gari waya lafiya ƙalau, hantsi ya yi sai sandunan nan na saman waya su zube ɗaya bayan ɗaya, su tafi yawonsu, ba su dawowa sai sun ga dama. Wata rana wuni guda, wata rana kwana biyu. Masu cirar kuɗi na POS suka koma hira, masu sayar da kati suka koma barci. Harisu kuwa ya koma ɗaga waya sama yana zagaye shago, ya hau benci, ya sauko, ya hau buhun kanwa, ya kashe ya kunna, ya cire layi ya goge da bakin riga ya mayar. Ya zagi kamfanin layin da Hausa, da ya ga bai huce ba ya ƙara da ɗan Fulatancin da ya tsinta a kara, wanda dama duk zagi ne.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya masa gwiwa ya zo ne da farkon damina.

Modibbo Bubayero dattijo ne da rugarsa take gefen Ƙofa, a ƙasar Kusada. Shi ne mutum na farko da ya fara sayen magani a shagon nan ranar da aka buɗe shi, kuma duk inda ya sa ƙafa nan makiyayan yankin suke sawa. Wata farar saniyarsa mai tsohon ciki ta kutsa gona ta ci ɗanyen tohon dawa, cikinta ya kumbura. Suka yi na gida bai ci ba. Aka kira Harisu, aka sake kira, muryar matar nan ta kamfani tana ta cewa ba a samun lambar. Kafin a rarumo wani malamin dabbobi daga Kusada numfashi ya ƙi, dole aka sa mata wuƙa, ita da ɗan cikinta.

Shehu ne ya kawo labarin bayan kwana biyu, yana kan babur ko kashewa bai yi ba.

"Mi Modibbon yac ce?" in ji Harisu.

"Bai ce komai ba. Cewa kawai ya yi, mun kira Harisu ba mu same shi ba."

"Ba mu same shi ba! Ni? Wato kashe waya na yi ke nan? Ni Harisu?"

"Ni dai abin da yac ce na hwaɗa maka, Dakta."

Ko Daktan bai sa shi murmushi ba. Sati ya zagayo Modibbo bai kira ba. Nagoggo matar Modibbon, wadda ta shekara goma tana sauke ƙwaryar nono a inuwar shagon, ta koma gindin wata bishiya can tsallaken titi. Sai kiran rugagen Ƙofa ya fara ja baya, yau biyu, gobe ɗaya, jibi shiru ko da sabis ya cika waya. Harisu ya ji an ce an ga ɗan Modibbo a wani shagon magani a Kusada. Ranar ko tuwo bai iya ci ba, kuma mutum ne da ko zazzaɓi ba ya raba shi da tuwo. Ya san in Modibbo ya tafi ya tafi da rabin shagon, amma ba wannan ya fi cin sa ba. Abin da ya fi cin sa shi ne dattijon da yake gani kamar uba ya ɗauka ya yi masa wulaƙanci.

"Ba ni zuwa gabanshi da baki kawai," ya ce wa matarsa Kubura. "Kowa na iya cewa sabis ne. Takarda za ni kai mashi, mai hatimi, wadda za ta wanke ni tas."

Nan Malam Zainul Abidin ya shigo labarin. Tsohon akawu ne na ƙaramar hukuma, ya yi ritaya da biro uku a aljihu da Turancin da ba a ƙara yin irinsa. Shi ya gaya wa Harisu akwai Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda kamfanonin waya duk suke ƙarƙashinta, kuma tana da ofishin shiyya a Kano. Harisu ya yi tsalle ya dire, ya aika a kawo wa Malam lemo mai sanyi.

Suka kwana uku suna rubutu. Harisu yana zuba da Hausa, Malam yana juyawa. Aka fara da gaisuwa irin ta addinin Musulunci, aka gaida shugaban hukuma da mataimakansa da iyalansu, aka tambayi ya ruwa. Shafi na biyu tarihin Harisu ne tun daga riƙe wutsiya. Shafi na uku saniya ce, farinta da tsawon ƙahonta da yawan nonon da take bayarwa, wanda Harisu ya ninka sau biyu don a ji tausayi. Shafi na huɗu ya roƙi a kamo kamfanin a ja masa kunne. Da Malam ya karanta a ƙofar shago, mai shayi ya ce wallahi ko gwamna ya ji wannan sai ya yi hawaye. Harisu ya sa a sake karantawa sau biyu, duk da ko kalma goma bai gane ba.

Bai yarda da gidan waya ba, da kansa ya kai. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya shiga motar Kano da sassafe, ambulan a ƙirji. Kafin su kai Tsanyawa duk motar ta san saniyar, kafin Bichi wata tsohuwa ta fara yi mata addu'a.

A ofishin wata ma'aikaciya ce ta karɓe shi, Hajiya Hawwa'u, mai farin gilashi. Ta karanta shafi huɗun nan tsaf, sau ɗaya kawai ta kai hannu baki kamar mai tari. Sannan ta ɗago.

"Malam Harisu, sannu da hanya. Wasiƙa ta yi kyau. Wane layi ne?"

Ya faɗa. Ta duba wasiƙar, ba ya ciki. Lambar wayarsa ma ba ta ciki.

"Ka kai ƙorafi wurin kamfanin? Sun ba ka lambar ƙorafi?"

"Hajiya, wanda yac cuce ni za ni kai ma ƙara?"

"Shi za ka fara kai wa. Haka tsarin yake. Ka kira su ko ka je ofishinsu, su ba ka lamba. In lokacin da ya kamata su gyara ya wuce ba su gyara ba, ko amsarsu ba ta gamsar da kai ba, sai ka zo mana da lambar, mu kuma mu tambaye su. Ba sai ka sha hanya ba ma, ka kira 622, kyauta ne. Sannan ranakun da sabis ya ɗauke, da lokutan, da unguwar. Su za mu ɗora musu a tebur. Ranar wannan saniyar, nawa ga wata?"

Harisu ya hau ƙirga da yatsu.

"Bayan ruwan hwarko ne dai, Hajiya. Da ɗan kwanaki."

Wani zai dawo gida a sanyaye. Harisu ya dawo kamar an ba shi sarauta, yana gaya wa kowa cewa Hajiya da bakinta ta ce wasiƙa ta yi kyau, 'yan gyare-gyare ne kawai suka rage. Malam Zainul Abidin ne ya ɗan sha kunu da ya ji shafi huɗunsa za su koma ɗaya.

Lambar ƙorafi ba ta ba shi wuya sosai ba, sai dai ranar da ya tashi kira sabis ɗin ya sake tafiya, dole Shehu ya ɗauke shi suka bi hanyar Kusada suna ɗaga waya har inda ƙarfen sabis na can ya kama. A gefen gonar wani ya tsaya ya yi ƙorafinsa, jaki yana taya shi. Saƙo ya shigo da lambar, ya kwafe ta a takarda, ya kwafe a bangon shago, ya sa Kubura ma ta adana.

Ranakun ne aiki. Wa yake rubuta ranar da sabis ya ɗauke? Mutum dai ya yi tsaki ya wuce. Harisu ya zauna a tsakar gida ya riƙe kai, sai Kubura da take tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Ranar sunan ɗiyar A'isha babu sabis. Na kira mai kiɗan ƙwarya har na gaji."

Harisu ya ɗago a hankali.

"Ranar kamun Ummusalma ma babu, tun azahar. Da ranar da aka kai lehen gidan Dabo, da motarmu ta lalace muka rasa mai kira. Da ranar da Inna ta zo jinya."

"Kubura! Ashe ofis gare ni cikin gida ban sani ba!"

"Ka dai san ni da zuwa biki, kana yi mani gori."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar jakar hannu cike da katunan gayyata, ba ta taɓa yar da ko ɗaya ba. Kowane kati da kwanan wata a jikinsa. Na suna da babu kati, aka aika gidan A'isha aka aro katin rigakafin jaririya, aka ga ranar haihuwa, aka ƙirga kwana bakwai. Na Inna takardar asibiti ta fitar. Labari ya bazu a unguwa, mata suka fara sallama da nasu. Wata ta ce ranar da mijinta ya dawo daga Umara, aka duba fasfo. Wata ta ce ranar da ƙishin ruwa ya kusa kashe su don mai kurar ruwa bai samu kira ba, wannan aka rasa yadda za a yi da ita aka bar ta. Malam Zainul Abidin yana zaune a zaure da kalanda da rula, ana miƙo masa biki yana mayar da shi lamba, yana mayar da azahar ƙarfe biyu, la'asar ƙarfe huɗu. Tun yana cin magani har ya saki jiki, ya ce ko a sakatariya bai taɓa ganin fayil mai kyan wannan ba.

Ranar saniya ita ta fi gagara, don ba biki ba ce. Shehu ya tuna mahaucin Kusada ne ya ɗauki naman. Aka je, mahauci ya ce ai ba zai manta ba, ranar ce surukarsa ta haihu. Aka sake komawa kan katin rigakafi. Da lambar ta fito Harisu ya cire hula ya jefa sama, ta faɗa cikin kaskon awarar maƙwabciya.

Rana goma sha bakwai suka samu a cikin wata uku. Kwanakin jiran kamfani suka cika, ba abin da ya canza sai saƙon ban haƙuri guda ɗaya. Aka rubuta wasiƙa ta biyu, shafi ɗaya: suna, adireshi, lambar waya, layin, lambar ƙorafi, ranaku da lokuta a jere, sai layi biyu kan yadda abin yake kashe kasuwa, da roƙon a sa kamfani ya gyara kuma ya yi bayani a rubuce. Masu shaguna tara maƙwabtansa suka sa hannu a ƙasa. Harisu ya yi ta roƙo a bar ko ƙahon saniyar ne, Malam ya ce a'a, shi da ya rubuta shafi huɗu da farko.

Sai jira. Hukuma ta kira shi sau ɗaya ta tabbatar ta karɓa ta kuma tura wa kamfani, kuma Harisu ya ɗauka tun ƙarar farko, a tsaye, hannu ɗaya a ƙirji. Bayan wani lokaci aka ga wata farar mota ta nufi ƙarfen sabis na bayan gari, mutane masu hular kwano suka sauke sabbin batura. Rabin Kankiya ta ce aikin Harisu ne. Shi kuwa bai ce nasa ba ne, bai kuma ce ba nasa ba ne, ya dai fara tafiya yana ɗan jan ƙafa irin ta manya.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da amsar kamfanin ta iso, da kwafi zuwa ga hukuma. Malam ya gyara gilashi ya fassara. Sun amsa an sami katsewa. Wasu ranakun masu haƙa a gefen titi ne suka yanke wayar ƙarƙashin ƙasa, wasu kuma injin ƙarfen ne ya mutu bayan an sace baturansa. Cikin rana goma sha bakwai sun tabbatar da goma sha huɗu. Kubura ta ce ukun ma ƙarya suke yi, tana nan a wurin. Harisu bai saurare ta ba, yatsansa yana bin jerin har ya tsaya. Ga ta nan, ranar saniya: babu sabis a Kankiya daga ƙarfe tara da rabi na safe zuwa bayan magariba. Ga hatimi, ga sa hannu.

Ya rungume Malam har biro ɗaya ya karye. Ya kai takardar aka lulluɓe ta da leda mai ƙarfi, ya sake sa rigar Sallah, ya haye bayan Shehu. Duk hanyar Ƙofa yana shirya jawabi, yana gwada wa Shehu, yana canza farkon.

Suka iske Modibbo zaune kan buzu a inuwar wata ƙirya, yana tufka igiya. Ya amsa sallama a hankali, ya sa aka shimfiɗa tabarma. Harisu ko zama bai gama yi ba ya zaro takarda.

"Baffa, ga ta! Daga kamfani, ta hannun hukuma. Har Kano na je. Ranar nan ba ni na kashe waya ba, wallahi tallahi. Ga ranar, ga lokacin, ga hatimi. Duba nan!"

Modibbo ya karɓa da hannu biyu. Ya dube ta na ɗan lokaci, ya shafa ledar da babban yatsa, ya miƙa masa abarsa.

"Ta yi kyau," ya ce. "Ai na sani."

"Ka sani?"

"Tun washegari. Yara sun shiga Kankiya sun ce ranar nan gari duka babu sabis. Ban taɓa cewa ka kashe waya ba, Harisu. Cewa na yi ba mu same ka ba."

"To, Baffa, don mi…"

Dattijon ya ci gaba da tufkarsa. Sai da ya kai ƙarshen zaren sannan ya yi magana, bai ɗaga murya ba, bai kuma dube shi ba.

"Mahaucin da ya sayi naman ya yi mani jaje. Mai shagon Kusada, da bai san ni ba, ya tako har nan ya yi mani jaje. Na ce Harisu na nan tahe. Na hana a taɓa zabbin da na ware maka. Sati ɗaya, sati biyu. Sabis ne ya yanke, na yarda. Hanya fa? Ita ma an yanke ta?"

Kunya ta rufe Harisu tun daga hula har tafin ƙafa. Wata biyu da rabi yana yawo tsakanin Kano da gonakin mutane da katunan biki don ya wanke kansa, bai taɓa tuna cewa dattijon nan saniya ya rasa ba, da ɗan cikinta. Ya dubi takardar da ke hannunsa ya rasa inda zai sa ta, ledar ta hana ta naɗuwa. Ya tura ta ƙarƙashin tabarma.

Ya sauka daga tabarmar ya durƙusa a ƙasa, rigar Sallah da komai.

"Baffa, ashe an yi hasara. Sannu. Allah shi mayar da alheri, Allah shi tsare sauran."

"Amin," in ji Modibbo. "Amin, Harisu. Na gode."

Shanu suna ta tuƙa a bayansu. Can Modibbo ya juya wajen bukkoki ya ɗaga murya kaɗan.

"Nagoggo, dama hura. Harisu ya zo jaje."